Ido Ba Mudu Ba Ne: Hoton Sikeli da Ƙwaya Shida

Hausawa suka ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Da wannan magana muka tashi a kasuwannin Ƙonni da Tsarnawa da Badagishiri, inda dattijo kan dubi tulin gero ya ce zai yi tiya ashirin ko ashirin da biyu, a auna a tarar bai yi nisa da gaskiya ba. Abin lura a bakin irin wannan dattijo shi ne ba ya faɗin lamba guda. Yakan faɗi biyu, ta ƙasa da ta sama, ya bar gaskiya ta zauna a tsakaninsu. Haka dillalin albasa na Galmi yake yi idan ka tambaye shi nauyin buhu: zai ce maka ya danganta da buhun da kuma hular da aka yi masa.

Yanzu waya ta shigo hannun kowa, kuma awo ya koma tafiya cikin hoto. A ɗauki hoton sikeli, ko na ma'aunin zafin jiki, a tura wa wanda ke Abijan ko Agadas ko Legas, shi kuma ya tura wa wanda yake ganin ya yi boko. Shekaruna da yawa ina koyar da lissafi da kimiyya a kwaleji cikin gundumar Malbaza, don haka irin waɗannan hotuna sukan ƙare a wayata, da tambaya guda a ƙarƙashinsu: nawa ne? Mai tambaya lamba ɗaya yake so. Ni kuma na daɗe da gane cewa amsar dattijon kasuwa ta fi gaskiya, kuma akwai hanyar da ake bi a fitar da ita daga hoto, mataki-mataki, ba da ka ba. Ita nake so in shimfiɗa wa iyaye da abokan aikina malamai, da misalin da ya faru a gidanmu.

Abin da aka turo mini

Cikin watan Satumba ne, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara a ƙasarmu. Ƙanena yana ci-rani a Abijan, iyalinsa suna ƙauye a gundumar Illela ta nan Nijar. Ɗansa mai shekara uku da rabi ya kwana da zafin jiki, uwar ta kai shi likita, aka yi gwajin jini a yatsa, aka ga zazzaɓin ne. Aka rataya yaron a sikeli, aka ba su faifan magani mai ƙwaya shida. Uwar ta ɗauki hoton yaron yana rataye don uban ya gani.

Da dare sai ga hoton, sai ga muryar ƙanena: "Yaya, dubi wannan sikeli. Ni na ga ya wuce sha biyar. Wani abokina nan ya ce yaron da ya kai kilo sha biyar ƙwaya biyu ake ba shi, ba ɗaya ba. In ce wa uwarsa ta riƙa ba shi bibbiyu?"

Abokin nasa bai yi ƙarya ba. Maganin da aka ba su shi ne wanda aka fi sani da Kowatem, kuma bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya da nauyi ake raba shi. Yaro daga kilo 5 zuwa ƙasa da kilo 15 yana shan ƙwaya ɗaya sau biyu a rana har kwana uku, jimilla shida. Daga kilo 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya biyu ce kowane sha, jimilla goma sha biyu. Wato akwai iyaka a kan kilo 15 daidai. Hatsarin da na hango tun kafin in buɗe hoton shi ne wannan: idan aka riƙa ba yaron bibbiyu daga faifai mai shida, maganin zai ƙare cikin yini ɗaya da rabi, alhali kwana uku ake so ya yi yana aiki a jini. Zazzaɓin na iya lafawa ya dawo. Saboda haka tambayar "nawa ne?" ba ta wasa ba ce a wannan dare.

Ƙirga gidaje kafin a dubi tsinke

Abu na farko da nake yi da kowane hoton ma'auni shi ne in ƙyale tsinken tukuna, in nemi sanin darajar gida ɗaya, wato tazarar da ke tsakanin ƙaramin layi da na kusa da shi. Sai in zaɓi lambobi biyu da aka rubuta kusa da juna, in ƙirga gidajen da ke tsakaninsu. Gidaje ake ƙirgawa, ba layuka ba, domin layukan da ke tsakanin lambobi biyu kullum suna ƙasa da gidajen da ɗaya. A nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa, kuma manya ma haka.

Sikelin da ke hoton irin wanda kowace uwa ta sani ne: mai fuska kamar agogon bango, da ƙugiya sama da ƙasa, ana rataya wando mai igiya a sa yaro ciki. Yana ɗaukar kilo 25, kuma tsakanin kilo da kilo gida goma ne. Kilo ɗaya giram dubu ne, a raba goma, kowane gida giram 100. Wannan ya zo da sauƙi, amma kada a ɗauka kullum haka ne. Sikelin ɗakin girki mai ɗaukar kilo 5, wani gidansa giram 20 ne, wani 25. Na masu sayar da nama ko siminti ya fi haka faɗi. Wasu kuma da'ira biyu ce a fuskarsu, ɗaya ta kilo ɗaya ta laba, kuma laba giram 454 ce, ba ta kai rabin kilo ba. Wanda ya karanta da'irar da ba ita ba ya ninka nauyin fiye da sau biyu bai sani ba.

Da na san gida giram 100 ne, sai na dubi tsinken. Bakinsa yana kan layi na farko bayan 15, wato kilo 15.1. Ƙanena ya ga daidai. Da a gaban sikelin nake tsaye, ido da ido, tsinke kuma ya tsaya cak, da sai in ce 15.1, da shakkar rabin gida, giram 50 sama ko ƙasa. Wannan ita ce ƙa'idar da muke koyarwa a aji: ido yana iya sanin layin da tsinke ya fi kusa da shi, amma abin da ya fi rabin gida ƙanƙanta ba ya rantsuwa a kansa. Sai dai ni ba a gaban sikeli nake ba. Hoto ne a hannuna, kuma hoto yana da nasa ƙarin.

Inda mai hoto ya tsaya

Miƙa hannunka, ka ɗaga babban yatsa ka saita shi da wani abu a bango. Rufe idon dama, sannan ka buɗe shi ka rufe na hagu. Za ka ga yatsan ya yi tsalle, alhali bai motsa ba. Abin da ke faruwa da tsinken sikeli ke nan. Tsinken ba manne yake da fuskar ba, yana ɗan sama da ita don ya samu juyawa. Wanda ya dube shi daga gefe zai gan shi a kan layin da ba nasa ba, kuma kyamara ido ɗaya ce da ta tsaya wuri ɗaya har abada.

Ana iya gane inda mai hoto ya tsaya daga hoton kansa. Fuskar sikeli da'ira ce. Idan ta fito kamar ƙwai, an ɗauke ta daga gefe. Na sa rula a kan gilashin wayata: tsawon fuskar santimita 6, faɗinta 5.2. Idan faɗi ya koma kusan kashi 87 cikin ɗari na tsawo, mai hoton ya kauce da kamar digiri 30, wato sulusin kusurwar ɗaki. Kuma ina ganin gefen ƙarfen sikelin na dama, ban ganin na hagu, don haka daga dama ta tsaya. Ba abin mamaki ba ne, tunda gaban sikelin wurin ma'aikacin lafiya ne, kuma fuskar ɗanta take so ta kama, ba lamba ba.

To, kaucewar digiri 30 nawa take ci? Na taɓa sa rula a kan irin wannan sikeli. Da'irar da layukan suke kai faɗinta kamar santimita 14 ne, kewayenta kusan santimita 44. A raba wannan gida 250, kowane gida bai kai milimita 2 ba, kamar 1.8. Tsinken kuma yana sama da fuskar da kimanin milimita 3. A digiri 30 tsinke yakan yi tsallen da ya ɗan wuce rabin tsayinsa daga fuska, wato milimita 1.7. Ka ga tsallen ya kusa cin gida guda cur. Da yake tsinken a karkace yake kwance ba duk tsallen ne ke shiga lissafi ba, amma abin da ya shiga ya kusa giram 100.

Saura a san ko ƙari tsallen ya yi ko ragi, kuma wannan ma hoton yana faɗa. Wanda ya tsaya dama yana ganin tsinke ya gusa hagu. A wannan sikeli sifiri yana sama, 12.5 yana ƙasa, 15 kuwa yana ƙasa ta wajen hagu. A rabin fuska na ƙasa lambobi suna ƙaruwa ne daga dama zuwa hagu, don haka gusawa hagu ƙari ne. Da tsinken a sama yake, wajen kilo 2, da tsayuwa iri ɗaya ragi za ta yi. Ashe ke nan 15.1 da muke gani ya fi kusa da 15.0 ga wanda ke tsaye a gaba. Wannan gyara ne na ƙiyasi, tunda ban auna tsayin tsinken wannan sikelin ba, don haka na ajiye masa shakkar rabin gida.

Yaro ba buhu ba ne

Buhun gero idan aka rataya shi yakan yi lilo kaɗan ya tsaya. Yaro mai zazzaɓi da aka sa cikin wando a gaban baƙi kuka yake yi yana harbin iska, tsinke kuma yana rawa da shi. Ma'aikacin lafiya yakan jira lokacin da yaron ya ɗan lafa, ko ya ɗauki tsakiyar rawar. Kyamara ba ta jira. Tana kama ƙiftawa ɗaya, kuma ba ta faɗa maka ko tsinken yana hanyar hawa ne ko ta sauka.

Da na buɗa hoton da yatsu biyu, sai na ga lambobin sun fito sarai amma bakin tsinken ya yi hazo, ya shafe kamar gida ɗaya kowane gefe. Wannan alama ce mai amfani. Idan komai na hoton ya yi hazo, hannun mai ɗauka ne ya girgiza. Idan tsinke kaɗai ne, shi ne ke motsi. Na sa wa wannan giram 100 sama ko ƙasa. A nan kuma in ja kunne: buɗa hoto yana girmama abin da ke ciki, ba ya ƙara abin da babu. WhatsApp yakan matse hoto kafin ya tura shi, ƙananan layuka su narke cikin juna. Idan ka buɗa har ka fara ganin dabbare-dabbare, ka wuce iyakar abin da hoton ya sani.

Sai na tara. Rabin gida na karatun ido, giram 50. Rabin gida na gyaran da na yi, giram 50. Gida ɗaya na rawar tsinke, giram 100. Jimilla giram 200. Masana awo suna da hanyar haɗa irin waɗannan da ke ba da adadi ƙasa da haka, domin da wuya duk kurakurai su karkata gefe ɗaya lokaci guda, amma a gida tarawa kai tsaye ta fi sauƙi kuma ta fi kariya. A allo haka ake rubuta shi: 15.0 ± 0.2 kg. A baki kuma: kilo goma sha biyar, da shakkar giram ɗari biyu sama ko ƙasa, wato tsakanin 14.8 da 15.2.

A lura ban rubuta 15.03 ba. Wanda shakkarsa giram 200 ce ba shi da hurumin faɗin giram 30. Ban kuma ce tsakanin 13 da 17 ba don in tsira daga zargi, domin tazara mai faɗin haka ba ta amfani kowa ba. Tazarar kirki ita ce wadda za ka iya faɗin inda kowane yankinta ya fito.

Abin da hoto bai nuna ba

Akwai wani nau'in shakka da ba ya shiga cikin ± ɗin nan, domin ba a ganinsa ko kaɗan. Kafin a sa yaro ana rataya wandon babu kowa a ciki, a murɗa ɗan maɓallin da ke jikin sikelin har tsinke ya koma sifiri. Hoton yaro a rataye ba ya nuna ko an yi haka. Ba ya nuna ko ƙarfen da ke cikin sikelin ya gaji da shekaru, ko yaushe aka gwada shi da nauyin da aka sani. Ana iya ganin wasu abubuwa, kamar ko ƙafar yaro na taɓa ƙasa, ko hannun uwa na tallafe shi, waɗanda ke rage nauyi, da riga da takalmi waɗanda ke ƙara shi. A hotonmu yaron yana da riga a jikinsa. Waɗannan ba na ba su lamba. Ina faɗinsu ne da baki a ƙarshen amsa, a matsayin sharaɗi.

Ga abin da na mayar wa ƙanena: "Abin da hoton ya nuna tsakanin 14.8 ne da 15.2, in dai an daidaita sifiri, kuma da riga a jikinsa. Sha biyar tana tsakiyar wannan tazara, don haka hoton nan ba zai raba gardama ba. Kada a ƙara ƙwaya ko ɗaya. Ta duba abin da majo ya rubuta a karne, in kuma hankalinka bai kwanta ba, ta koma da safe a sake auna shi."

Aka duba karne, 14.9 aka rubuta. Wanda ya tsaya gaban sikelin, ya ga sifirinsa, ya jira tsinke ya lafa, ya fi mu gani mu biyu da muke da hoto. Yaron ya sha ƙwayoyinsa shida cikin kwana uku, ya warke.

Abin da nake so a riƙe daga nan shi ne, girman shakka shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an aza shi kusa da iyakar da za a yanke hukunci a kanta. Da tsinken yana wajen 12 ne, giram 200 ba za su dame ni ba: ko 11.8 ko 12.2, ƙwaya ɗaya ce, sai in ce wa ƙanena ya kwanta barci. Da yana wajen 17 aka ba su faifai mai shida, sai in ce ta koma likita tun da asuba ta nuna, domin duk tazarar tana sama da iyaka kuma yaron bai samu abin da ya ishe shi ba. Shakkar ɗaya ce a duka ukun. Inda ta faɗa ne ya bambanta.

Ma'aunin zafi da zafin Ƙonni

Hoton da ya fi yawan zuwa mini bayan na sikeli shi ne na ma'aunin zafin jiki, kuma matakan ba su canja ba. Na gilashi yana tashi daga wajen digiri 35 zuwa 42, gida goma tsakanin digiri da digiri, kowane gida 0.1. Zaren da ke ciki siriri ne, sai an juya gilashin daidai yake bayyana, hasken fitilar waya kuma yakan kwanta a kansa ya yi kama da shi. Idan hoton ya fito da kyau nakan ba da shakkar gida ɗaya, in ce misali 38.2, tsakanin 38.1 da 38.3. Mai batir ya raba mu da tsallen tsinke tunda lamba yake rubutawa, amma shi ma takardarsa takan ce yana iya kaucewa da 0.1. Wanda ake nunawa a goshi ya fi su duka yawo, musamman ga yaron da ya shigo daga rana.

A nan ma abin da hoto bai nuna ba ya fi abin da ya nuna nauyi. Ina aka sa ma'aunin? Awon hammata yakan zo ƙasa da na cikin jiki da kamar rabin digiri, ninki biyar na shakkar karatun. Minti nawa ya yi, kuma hannun yaron a matse yake? Sannan akwai wata matsala tamu ta ƙasar zafi. Ma'aunin gilashi an yi shi ne ya riƙe mafi girman zafin da ya taɓa, ba ya sauka sai an kaɗa shi. A watan Afrilu da Mayu zafin rana a Ƙonni da Malbaza yana wuce digiri 40. Ma'aunin da ya yini a ɗaki mai rufin kwano yana iya nuna 41 tun bai taɓa jikin kowa ba. Idan ba a kaɗa shi ya sauka ƙasa da 36 ba kafin a sa, hoton da za a turo zafin ɗakin ne. Don haka tambayata ta farko kullum ita ce: an kaɗa shi?

Mu da ke bakin iyaka muna da ƙari. Kaya na shigowa daga ko'ina, kuma wasu masu batir suna zuwa a saite kan awon Faranhait. Uwa ta ga 100.4 hankalinta ya tashi. A duba ƙaramin harafin da ke gefen lambar: idan F ne, a cire 32, a ninka sau 5, a raba 9. 100.4 ya zama 38.0, 98.6 kuma 37.0.

Iyakar da ma'aikatan lafiya ke aiki da ita a awon hammata ita ce 37.5. Ga jaririn da bai kai wata biyu ba, kaiwa wannan lamba, ko sauka ƙasa da 35.5, dalili ne na tafiya likita nan take. To, a ce an turo hoto na karanta 37.4 da shakkar 0.1. Tazarar ta taɓa iyaka, kamar yadda ta sikeli ta yi. Amma amsar ba iri ɗaya ba ce. A batun ƙwaya na ce a dakata a sake awo, domin jira bai cutar da kowa ba, ƙari ne ke da hatsari. A batun jariri cewa nake a ɗauki ta sama a tafi, domin idan aka je a banza kuɗin kabu-kabu aka rasa, idan aka zauna a banza kuwa abin da za a rasa ba ya dawowa. Idan tazara ta hau kan iyaka, sai a tambayi wane kuskure ne ya fi tsada a guje masa. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa sha, ko yake amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ba ya farkawa sosai, wannan ba a tsaya ɗaukar hoto a kansa.

Darasin awa ɗaya

Ga abokan aikina, ko a firamare ko a kwaleji, wannan abu yana koyuwa cikin awa ɗaya, da sikelin girki na aro da waya guda. A sa gorar roba babu komai a kan sikelin, a mayar da tsinke sifiri, a zuba ruwa lita ɗaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka an san amsa, kuma an gwada sikelin kansa a kyauta. Sai a rage ruwan yadda malam kaɗai ya san inda tsinke ya tsaya, a ɗauki hoto uku ba tare da an taɓa komai ba: ɗaya daga hagu, ɗaya daga gaba, ɗaya daga dama. A raba ajin gida uku, kowane rukuni ya ga hoto ɗaya kawai, ya rubuta amsarsa a allo.

Lambobi uku za su fito, kuma gardama za ta kaure, kowa yana rantsuwa da abin da idonsa ya gani. Sai a nuna musu sikelin yana nan yadda yake. Daga nan nake neman kowane rukuni ya sake rubuta amsarsa cikin jimla mai gaɓa uku: lambar da ya karanta, tazarar da yake shakka a cikinta da dalilinta, da abin da hoton bai nuna masa ba. Nakan ba da maki ga wanda tazararsa ta ƙunshi gaskiya kuma ya iya kare faɗinta, fiye da wanda ya faɗi lamba guda ta dace bisa sa'a. Ɗalibai sukan yi ƙorafi da farko, domin sun saba lissafi amsa ɗaya yake da ita. Nakan ce musu lissafi haka yake, amma awo ba haka yake ba.

Ga iyaye kuma, musamman mata da ke riƙe da gida maza suna ci-rani, hoton da zai yi amfani ba shi da wuyar ɗauka. A tsaya gaban ma'aunin sosai, waya daidai da tsayin fuskarsa, har da'irar ta fito da'ira. A ɗan ja baya yadda duk lambobin za su shiga, a kashe fitilar waya a nemi hasken rana. A ɗauki hoto ɗaya kafin a ɗora komai don a ga sifiri, sannan biyu ko uku bayan tsinke ya lafa. A ƙara da murya: a hammata ne, minti kaza, an kaɗa shi, yaron da riga ko babu. Wanda aka tura wa kuma, idan ya ce tsakanin kaza da kaza, kada a ɗauka ƙwauron sani yake yi. Iyakar abin da hoton ya ba shi ke nan, saura yana wajen wanda ke tsaye gaban sikeli.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi.